Wasiƙa zuwa ga mai gidan aiki game da maganin tayirod da ranakun asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani kamfani a Kano, ina shiga aiki ƙarfe takwas. Makonni bakwai da suka wuce likita ya ce tayirod ɗina ba ya aiki sosai, ya ɗora ni a kan Levothyroxine mai lamba 50 kullum da safe. Shekaruna 34, nauyina kilo 62. Ranar Talata ake ganinmu a asibiti, kuma sau biyu ke nan ina fashin aiki, har manaja ya fara ɗaure fuska. Yaya zan rubuta masa wasiƙa ya fahimta, ba tare da na tona asirin kaina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da ke damun manajanki ba sunan ciwon ba ne. Abin da ke damunsa shi ne bai san sau nawa kujerarki za ta zauna babu kowa ba, bai san yaushe ba, bai kuma san ko abin yana da iyaka ba. Saboda haka aikin wasiƙar ɗaya ne: ta mayar da ciwon zuwa ranaku da sa'o'in da za a iya ƙirgawa a kalanda. Kafin ki ɗauki biro sai ki fara yin wannan lissafin da kanki, don wasiƙun da ke jawo wa masu su matsala yawanci waɗanda aka yi alkawarin da maganin ba zai bari a cika ba ne.

Mu fara da maganin kansa, tunda shi ne ya fi sauƙi. Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo. Tana fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. Naki ya yi ƙasa, maganin da kike sha kuwa shi ne wannan sinadarin da kansa, an mayar da shi ƙwaya. Ba maganin barci ba ne, ba ya bugarwa, ba ya hana tuƙi ko lissafi. Ana shan sa sau ɗaya a rana, da ruwa zalla, ciki babu komai, sannan a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Idan kika sha bayan sallar asuba, kafin ki shirya yara ki yi wanka lokacin ya cika, ki sha kokonki ko shayinki ki fita. Ma'ana, shan maganin ba ya cin ko minti ɗaya daga lokacin kamfani, kuma wannan jimla ce da ya kamata ta fito ƙarara a wasiƙar, don mai karatu da ya ga "magani kullum" zai iya ɗauka kullum ɗin akwai wata hidima da za ta taɓa aikinsa.

Ki kula da kalma ɗaya a nan. Kada ki rubuta "ina shan ƙwaya kullum". Kin san abin da kunnen Bahaushe ke ji idan an ce wance tana shan ƙwaya. Ki rubuta "ina shan magani sau ɗaya a rana bisa umarnin likita". Takarda tana daɗewa a fayil, kuma wanda zai karanta ta bayan shekara uku ba lallai ya san labarin ba.

Inda lissafin yake shi ne zuwa asibiti. Lambar 50 da ke jikin kwalinki maikirogiram 50 ke nan, kuma ga mai shekarunki yawanci mafari ne. Idan tayirod ya daina aiki gaba ɗaya, babban mutum kan buƙaci kusan maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. A kilo 62 wannan ya kama kusan 100. Ba cewa nake lallai can za ki kai ba, don in naki yana ɗan taɓuka wani abu kina iya tsayawa a 75, kuma likitanki ne kaɗai zai yanke wannan da sakamakon jini a gabansa. Amma ya nuna miki cewa akwai yiwuwar a ƙara miki sau ɗaya ko sau biyu, yawanci 25 a kowane karo.

Kowane ƙari kuma yana jawo jira. Maganin yana daɗewa a jini, sai ya yi kusan kwana bakwai kafin rabinsa ya fita, saboda haka sabon adadi ba ya zama daram a jiki sai bayan makonni biyar zuwa shida. Gwajin da ake dubawa, wanda za ki ga an rubuta TSH a takardar ɗakin gwaji, saƙo ne da ke fitowa daga wata 'yar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa tana umartar tayirod ya yi aiki. In sinadarin ya yi ƙasa sai ta ɗaga murya, lambar ta hau. In ya wadata sai ta sassauta, lambar ta sauko zuwa wajen 0.4 zuwa 4, gwargwadon ma'aunin ɗakin gwajin. Ita ma ba ta sauya murya nan take. Shi ya sa ake gwaji makonni shida zuwa takwas bayan duk wani canjin adadi. Wanda ya yi gwaji a mako na biyu don ya rage zirga-zirga ya yi asarar kuɗinsa, don lambar da zai samu ba ta faɗi gaskiya ba tukuna. Wannan dalilin ya kamata ki riƙe shi da kyau, saboda akwai manajan da zai ce miki, "To ki je a gama miki komai lokaci ɗaya mana." Ba ya gamuwa lokaci ɗaya, kuma ba laifin asibitin ba ne.

Ga kuskuren da ya fi yawa: mutum ya ƙirga ranar ganin likita kawai ya manta da ranar ɗiban jini. Kowane zagaye fita biyu ce. Da farko ki je a ɗebi jini, ki jira sakamako, wanda a wani wurin yana fitowa a ranar, a wani wurin sai bayan kwanaki. Sannan ki kai wa likita ranar Talata. Idan kika je kilinik hannu rabbana babu sakamako, likita ba shi da abin da zai duba, zai rubuta miki gwaji ya ba ki wata Talatar, kin yi asarar yini guda a banza. Dabarar ita ce duk ranar da kika ga likita ki roƙe shi ya rubuta miki takardar gwajin zagaye na gaba tun a lokacin, ki ajiye ta, ki yi gwajin mako guda kafin ranar da aka ba ki.

Ɗiban jinin da safe ya fi, kuma a lokaci kusan ɗaya kowane karo, don lambar TSH tana ɗan motsawa tsakanin safiya da yamma. Gwajin ba ya buƙatar azumi. Amma idan takardar ta haɗa da T4, wato gwajin sinadarin tayirod ɗin kansa a cikin jini, ki bar maganin ranar a jaka sai an gama ɗiban jinin sannan ki sha, don shan sa 'yan sa'o'i kafin gwaji yana ɗaga T4 na ɗan lokaci ya ruɗa likita. In kuma kina shan maganin gyaran gashi ko farce mai sinadarin bayotin, ki dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin gwajin, saboda yana ɓata sakamako a wasu na'urorin har mai lafiya ya fito kamar maganinsa ya yi yawa. Ga wasiƙarki, abin da wannan ke nufi shi ne ranar jini ba fashi ba ce, makara ce ta kamar awa biyu. Ki nemi izinin shiga ƙarfe goma, kada ki nemi yinin duka.

Ranar kilinik kuwa ki faɗi gaskiya. A babban asibiti sai kin yi sammako kin miƙa kati, an nemo folda, an auna hawan jini da nauyi, an jira layi, an ga likita, an je wajen karɓar magani. Ganin likitan kansa ba ya wuce 'yan mintoci, amma layin yana iya kai ki azahar. Kin riga kin je sau biyu, kin san ƙarfe nawa kika fito. Wannan lokacin za ki rubuta, ki ƙara masa awa ɗaya ta hanya. In kin san ba kya isowa ofis kafin ƙarfe biyu, ki ce rabin yini. In kin san yinin ne ke tafiya, ki ce yini. Manaja ya fi jure a ce masa yini a dawo da azahar, a kan a ce masa awa biyu a dawo da la'asar.

Yanzu mu jera naki. Kina mako na bakwai, saboda haka zagayen farko ya riga ya zo, cikin mako guda ko biyu. In an ƙara miki zuwa 75, na biyu zai zo bayan kamar wata biyu. In an sake ƙarawa zuwa 100, na uku bayan wani wata biyun. Ki ƙara na huɗu na ko-ta-kwana, don sau da yawa sai an ɗan gyara, ko maganin kamfanin da kika saba ya yanke a kasuwa a ba ki na wani, wanda hakan kan sa likita ya so a sake gwaji. Idan lamba ta daidaita, yawanci a sake dubawa bayan wata shida, daga nan sau ɗaya a shekara, wasu likitocin sau biyu. A cikin watanni goma sha biyu masu zuwa ke nan kina maganar zagaye biyar: safiya biyar ta makarar awa biyu, da Talata biyar. Wannan shi ne adadin da za ki sa a takarda, bayan kin nuna wa likitanki ya amince da shi. Ki lura da siffarsa, da yawa a farko, kaɗan daga baya. Wannan ita ce magana mafi kwantar da hankalin mai gidan aiki, kuma gaskiya ce.

Sai batun me za ki faɗa, me za ki rufe. Ba dole ba ne ki ambaci sunan ciwon. "Wata larura da ke buƙatar magani kullum da bibiyar likita" ta wadatar, in dai takardar likita na biye da ita. Ni dai a ganina, a larurar tayirod ambaton sunan ga mutum ɗaya ya fi amfani da ɓoye shi. Idan aka ga mace tana zuwa asibiti duk bayan wata biyu tana kuma shan magani kullum ba ta faɗi na mene ne ba, mutanen ofis za su cike gurbin da nasu hasashen, kuma kin san irin cututtukan da za su fara kawowa. Jimla ɗaya da ta ce matsalar tayirod ce, ba ta yaɗuwa, tana kashe wannan tun daga tushe. Amma zaɓin naki ne, ke kika san mutumin. Abin da ba shi da wuri a wasiƙar ko kaɗan shi ne lambobin gwajinki, da adadin maganin, da jerin abubuwan da kike ji a jiki. Kada ki rubuta cewa kina fama da mantuwa da kasala da rashin tattara hankali. Ƙarancin tayirod yana kawo su, gaskiya ne, kuma suna gushewa da magani, amma ke a sashen kuɗi kike. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, ko da laifin wani ne, wannan layin za a zaro daga fayil. Batun al'ada da haihuwa kuwa tsakaninki da likita ne.

Doka tana bayanki a nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, asibiti ba zai ba wa kamfaninki ba sai da yardarki a rubuce, in ban da wasu 'yan yanayi kamar umarnin kotu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake yi wa kulawa ta musamman, saboda haka kina da hujjar neman kada takardar ta wuce hannun wanda ya zama dole ya gani. Game da albashi, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da biya idan rashin lafiya ta wucin gadi ce ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar. Sai dai kada ki jingina da shi da dukkan nauyinki. Dokar ta fi shafar masu aikin hannu da na akawu, ba ta rufe masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, su takardar ɗaukar aikinsu ce ke magana. Sannan zuwa bibiya alhali kina kan ƙafafunki, wani kamfanin yana lissafa shi cikin hutun rashin lafiya, wani ba ya yi. Ki buɗe takardar ɗaukarki aiki da littafin dokokin ma'aikata ki ga abin da suka ce. Kuma kada ki jefa lambar sashen doka cikin wasiƙar farko, don wasiƙar da ta zo da doka a baki ana karanta ta kamar sammaci. Ki tambaya kawai a wane babi za a sa ranakun, a ba ki amsa a rubuce.

Wasiƙarki ita kaɗai magana ce, takardar likita ce ke ba ta ƙafa. Ki nemi likitan ya rubuta 'yar gajeriyar takarda a kan takarda mai tambarin asibiti, da kwanan wata, da sa hannu, da hatimi. Abu uku ya ishe ta: cewa kina ƙarƙashin kulawarsu, cewa za ki riƙa zuwa gwaji da ganin likita duk bayan makonni shida zuwa takwas har magani ya daidaita sannan a rage, da cewa kina iya aikinki yadda kika saba. Wannan na ukun shi ake yawan mantawa, kuma shi ne mafi daraja a gare ki. Ki gaya wa likitan ko kina so a ambaci sunan ciwon ko a'a tun kafin ya rubuta. A wasu asibitocin irin wannan takardar ana biyan kuɗinta kuma tana ɗaukar kwanaki, to ki nema a wannan Talatar mai zuwa. Bayan ita, duk ranar da kika je ki karɓo shaidar zuwa, ko da hoton katin da aka rubuta ranar dawowa ne.

Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa. In ofishinku da Turanci ake rubutu, ki juya ta, tsarin bai canza ba.

Kwanan wata

Zuwa ga Manaja,
ta hannun Shugaban Sashen Kuɗi

Yallaɓai,

Sanarwa game da ranakun zuwa asibiti da neman izini

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne don in yi bayanin rashin zuwana aiki a ranakun Talata biyu da suka gabata, in kuma sanar da kai tsarin da likita ya ɗora ni a kai, domin a san da shi tun da wuri.

Likita ya gano cewa tayirod ɗina ba ya fitar da isasshen sinadari. Larura ce da ba ta yaɗuwa, kuma ana shawo kanta da magani. Ina shan maganin sau ɗaya a rana a gida da asuba, saboda haka ba ya taɓa lokacin aiki, ba ya kuma hana ni yin aikina kamar yadda na saba. Takardar likita da ke haɗe da wannan wasiƙa ta tabbatar da haka.

Kafin a gano adadin maganin da ya dace da ni, sai an riƙa gwada jinina duk bayan makonni shida zuwa takwas. Kowane zagaye yana buƙatar fita biyu: safiya ɗaya ta ɗiban jini, wadda zan iso ofis da misalin ƙarfe goma, sai Talatar da ke biye ta ganin likita, wadda zan iso da misalin ƙarfe biyu na rana. Ranar Talata ce kawai asibitin ke ganin masu wannan larura, shi ya sa ba zan iya mayar da ita ƙarshen mako ba. A cikin watanni goma sha biyu masu zuwa ina sa ran zagaye biyar, huɗu daga ciki a watanni shida na farko. Bayan magani ya daidaita, zuwan zai koma sau ɗaya ko biyu a shekara. Idan likita ya canza wannan tsari zan sanar a rubuce.

Zagaye na gaba: ɗiban jini ranar (kwanan wata), ganin likita ranar Talata (kwanan wata).

A nawa ɓangaren, zan riƙa sanar da kowace rana aƙalla mako biyu kafin ta zo, in kawo shaidar asibiti bayan na dawo. Zan roƙi asibiti kada a sa mini rana a makon biyan albashi. Duk abin da ke jiran sa hannuna zan kammala shi ranar Litinin, in miƙa abin da ya rage ga wanda Shugaban Sashe ya zaɓa.

Ina roƙon a amince mini da waɗannan ranaku, a kuma sanar da ni a rubuce ko za a lissafa su cikin hutun rashin lafiya ne ko wani babin. Ina kuma roƙon wannan bayani ya tsaya tsakanin ofishinka da na kula da ma'aikata.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Suna, lambar ma'aikaci, sa hannu

Shafi ɗaya ke nan, kuma kada ki bari ta wuce haka. Ki lura ba a ba da haƙuri a kan ciwon ba, an dai yi bayanin fashin da ya wuce a layi ɗaya aka wuce gaba. Sakin layin da ke cewa "a nawa ɓangaren" shi ne wanda manaja zai karanta sau biyu, don haka kada ki sa abin da ba za ki iya ba. In ranakun kilinik ba a hannunki suke ba, "zan roƙi asibiti" za ki ce, kamar yadda na rubuta, ba "ba zan taɓa fita a makon albashi ba". Jimlar nan ta "idan likita ya canza tsari" ma kada ki cire ta. In Allah ya kawo juna biyu, alal misali, buƙatar maganin tana ƙaruwa da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun a makonnin farko, gwaji kuma yana komawa kusan duk bayan mako huɗu a rabin farko na cikin. Ranar da kika tabbatar da ciki, a makon za ki nemi likitanki, ba sai ranar da ke jikin kati ba. Wannan jimlar ce za ta ba ki ƙofa ba tare da an ce kin saɓa alkawari ba.

Wajen miƙawa, ki buga kwafi biyu. Ki fara samun manajan baki da baki na minti biyar, don babba ba ya son ya fara jin magana daga takarda, sannan ki miƙa. A sa miki hannu da kwanan wata a kan kwafinki cewa an karɓa, ki kai shi gida. Asalin takardar likita ta zauna a wurinki, hotonta za ki haɗa. Kada ki tura ta a zauren WhatsApp na ma'aikata, kada kuma ki bar ta a kan teburin masinja a buɗe.

Akwai abin da ke rushe lissafin nan na zagaye biyar, kuma kusan kullum daga wajen shan maganin yake fitowa. Mace tana sha kullum ba fashi, amma TSH ya ƙi saukowa, likita ya yi ta ƙari, zagaye ya yi ta ƙaruwa. In aka bincika sai a tarar tana kora shi da shayi mai madara, ko tana haɗa shi da maganin ƙarin jini. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da ruwan maganin olsa mai kauri, duk suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini. Ki raba su da shi da aƙalla awa huɗu, wato su koma bayan abincin rana ko dare. Kofi da abincin waken suya irin su awara su ma suna rage shigarsa in sun zo kusa da shi. Sai ajiya: zafi da laima suna rage masa ƙarfi, to kada ya zauna a mota ko kusa da murhu ko a taga, ki bar shi cikin ledarsa ta asali a wuri mai sanyi-sanyi a ɗaki. In kin manta da safe, ki sha da kin tuna a ranar. Mantuwar kwana ɗaya ba ta kayar da mutum, saboda daɗewar da yake yi a jini, saboda haka ba dalilin barin ofis a koma gida ba ce. Da azumi kuwa, ko ki tashi ki sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko ki sha lokacin kwanciya in an yi awa uku da cin abinci na ƙarshe. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai har sallah.

Ki san kuma alamun da za su sa ki nemi likita kafin ranarki, don su ne fitar da ba ta cikin kalanda. In adadin ya yi miki yawa za ki ji zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, zufa, rashin barci, kina ramewa alhali kina ci. In bai kai ba, kasala da jin sanyi da taurin bayan gida da bushewar fata za su ci gaba. Na biyun yana iya jiran ranar kilinik. Bugun zuciya mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ba ya jira. Kuma ko kin ji garau kada ki daina sha, don ga mafi yawan masu wannan larura maganin na tsawon rai ne, jin daɗin da kike yi aikinsa ne.

Ga wanda zai ari wannan wasiƙar alhali nasa tayirod ɗin yawa ya yi ba ƙaranci ba, wato wanda ke shan Carbimazole, lissafinsa daban ne. Gwajinsa a farko ya fi kusa da kusa, kamar duk bayan mako huɗu zuwa shida, maganin kuma yawanci ana shan sa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dole kuma ya ƙara layi ɗaya a wasiƙarsa: cewa in zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki ya kama shi, likita ya umarce shi ya dakatar da maganin ya je a gwada jininsa a ranar, ba tare da sanarwar mako biyu ba. Dalili shi ne a wasu 'yan tsiraru maganin yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, kuma a irin wannan hali ba a cewa bari a tashi daga aiki tukuna, ko a ɗauka maleriya ce a sayi magani a kemis.

Ke kuma, idan zagaye na uku ko na huɗu ya nuna lamba ta daidaita, ki rubuta wa manajan layi uku: magani ya daidaita, zuwa na gaba sai wata kaza, na gode da haƙurin da aka yi. Ki sa a haɗa ta da ta farkon a fayil ɗinki, don duk wanda ya buɗe shi nan gaba ya tarar da su tare.